Takardar Koken Albashi: Me Ake Rubutawa a Ciki?

Galibi a wajen cin abincin rana maganar ke ɓulla. Wani ya yi suɓul da baka ya faɗi abin da ya shigo masa ƙarshen wata, sai na kusa da shi ya ji tuwo ya tsaya masa a wuya. Tebur ɗaya, aiki ɗaya, tare ake zuwa tare ake tashi, amma albashi ya sha bamban. Daga nan mafi yawanmu gunaguni muke yi a bayan ido, ko mu tare manaja a bakin mota mu yi masa ƙorafi, ya ce za a duba. Maganar baka iska ke kwashe ta. Abin da ke zama a fayil shi ne takardar koke, wadda ma'aikaci ya rubuta, ya sa hannu, ya sa kwanan wata.

Mu ɗauki misali. A ce wata baiwar Allah tana aikin lissafin kuɗi a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa a Kano tun 2021, albashinta naira 95,000. A watan Janairun 2024 aka ɗauki maza biyu a sashensu, ita ce ma ta koya musu aikin, daga baya ta gano ana ba kowannensu naira 130,000.

Kafin ta ɗauki alƙalami, sai ta tabbatar da me take kwatantawa. Kuɗin da banki ya aiko da saƙon shigarsa ragowa ne, bayan an cire haraji, an cire kashi 8 cikin ɗari na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa ma'aikaci, wataƙila da bashin da mutum ya ci a ofis. Mutum biyu masu albashi ɗaya suna iya ganin saƙo daban. Abin dubawa shi ne jimillar albashi kafin cire-cire, yadda yake a takardar biya da takardar ɗaukar aiki. A aikin gwamnati kuwa, mutum biyu na iya zama a mataki ɗaya amma ɗaya ya wuce ɗaya a ƙaramin matakin da ake hawa shekara-shekara. Koke da yawa a nan yake mutuwa, akanta ya buɗe fayil ya nuna wa mai koke cewa shi ne bai gane lissafi ba.

Idan bambancin ya tabbata, to ƙashin bayan takardar shi ne kwatance: da wa ake gwada ni, kuma me ya sa aikinmu ɗaya ne? Shari'ar Samira Ahmed da BBC a Birtaniya ta nuna nauyin wannan. Tana gabatar da shirin talabijin na ra'ayoyin masu kallo ana biyan ta fam 440 kowane shiri, alhali Jeremy Vine yana karɓar fam 3,000 a wani shiri mai irin wannan tsari. A Janairun 2020 kotun ma'aikata ta ba ta gaskiya, domin ta nuna aikin iri ɗaya ne, BBC kuma ta kasa kawo gamsasshen dalilin bambancin. Ba ta tsaya a kan cewa kuɗin ya yi mata kaɗan ba. Ta ajiye aikinta kusa da na wani ta ce a duba.

Ga yadda zuciyar takardar mutuniyarmu za ta kasance. Ko da Turanci za ta rubuta, kamar yadda aka saba a ofisoshi, abin da ke ciki bai canza ba.

"Ranka ya daɗe, na rubuto ne domin in shigar da koke a hukumance game da albashina. Na kama aiki a sashen lissafi a watan Maris na 2021, kuma jimillar albashina naira 95,000 ce a wata. Na samu labarin cewa abokan aikina biyu da aka ɗauka a Janairun 2024 ana biyan kowannensu naira 130,000. Aikinmu ɗaya ne: shigar da rasit, daidaita lissafin banki da haɗa rahoton ƙarshen wata, kuma shugaba ɗaya muke bi. Bambancin naira 35,000 ne a wata, wanda ya kai naira 700,000 daga Janairun 2024 zuwa Agustan 2025. Ina roƙon a zauna da ni cikin mako biyu, a ba ni dalilin wannan bambanci a rubuce. Idan babu dalili, a daidaita albashina da nasu, a kuma biya ni abin da ya taru."

Ba a kira kowa azzalumi a ciki ba, ba a yi barazanar ajiye aiki ba, ba a kuma kawo kuɗin haya ko tsadar shinkafa ba. Na san wannan yana da ciwo, domin tsadar ita ce ke hana mutum barci, amma da zarar ta shigo takarda sai koke ya koma roƙon taimako, wanda ake iya amsawa da "Allah ya hore". Sunayen abokan aikin ma ba dole ne su fito tun farko ba, musamman idan amana suka ba ta. Abin da ya fi haɗari shi ne ta haɗa da hoton takardar albashin da ta ɗauko daga fayil ɗin ofis ba da izini ba. Wannan kaɗai na iya juya maganar, mai koke ta wayi gari ita ake tuhuma.

Masu kamfani suna da amsoshin da ke iya zama gaskiya: ɗayan yana da takardar ƙwarewa da ita ba ta da ita, ko yana aikin dare, ko an ɗora masa wani nauyi. Yadda ake gane dalili na gaske shi ne a ga yana rubuce tun kafin koke, kuma ana auna kowa da shi. Idan sai bayan takarda ta shiga aka fara laluben hujja, yau a ce wannan gobe a ce wancan, to da walakin.

Ina doka ta tsaya? Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci biya ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da bambanci saboda jinsi ko wani dalili ba. Sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai ƙara da shi kai tsaye. Ƙofar da ta buɗe ita ce gyaran kundin na 2010, wanda sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar wariya da rashin adalci a wurin aiki, da yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su. Cikinsu akwai yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan biyan mace da namiji daidai, wadda Najeriya ta amince da ita a 1974. Saboda haka idan mutuniyarmu tana ganin don ita mace ce aka rage mata, ta faɗa a fili cikin takardar, domin hujjarta ta fi ƙarfi a nan.

Sai miƙawa. Ta duba littafin dokokin ma'aikata na kamfanin ta ga wanda ake fara kai wa koke, ta bi ta nan, ta kuma sanar da wakilin ƙungiyar ƙwadago idan akwai. Ta buga kwafi biyu, sakatare ya buga hatimi ya rubuta ranar karɓa a kan nata, ta kai shi gida ta adana. Ranar zama ta nemi a bar ta ta shiga da wakilin ƙungiya ko wani abokin aiki, bayan an tashi ta aika da gajeren saƙo na abin da aka ce da ranar da aka yi alkawarin amsa. In mako biyun ya wuce shiru, takarda ta biyu ta tafi ga na sama da manajan, da kwafin ta farko mai hatimi a manne a bayanta.