Tura Kaya ko Jawo Mai Saye: Inda Ɗalibai Ke Zubar da Maki

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da ɗaliban kasuwanci, tun daga jarrabawar kammala sakandare har zuwa folitakanik da jami'a. Za a ce su bambanta dabarar tura kaya da ta jawo mai saye, sannan su faɗi abin da ya raba garaɓasa da talla. Da yawa sukan haɗe tambayoyin biyu su mayar da su ɗaya. Sai ka ga an rubuta cewa tura kaya shi ne garaɓasa, jawo mai saye kuma shi ne talla, an ja layi an wuce. A nan makin ke zubewa, domin tambaya ta farko tana neman a san wa kamfani ya dosa, ta biyu kuwa tana neman a san me ya miƙa masa.

Kaya ba sa tashi daga masana'anta su faɗa hannun mai amfani da su. Sukan bi ta hannun dila, daga shi zuwa ɗan sari, zuwa mai kanti, kafin su isa gida. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Singa a Kano ya ga wannan jeri da idonsa: manyan motoci na sauke katon-katon na taliya da madara da sabulu, masu kantuna daga unguwanni da garuruwan nesa suna lodi. Idan kamfani ya zuba kuɗinsa da ƙarfinsa a kan waɗannan masu tsakiya, yana ba su rangwame, yana ba su kaya bashi, yana aika wakilansa shago-shago, to tura kaya yake yi. Burinsa dila ya ɗauka da yawa, ya matsa wa ɗan sari, shi kuma mai kanti ya ajiye kayan a gaba, ya ce wa mai saye, "Hajiya, gwada wannan, ya fi kumfa."

Idan kuwa kamfani ya tsallake su duka ya yi magana da mai amfani da kayan kai tsaye, ta rediyo ko talabijin ko allon kan titi, to jawo shi yake yi. Yaro ya zo kanti ya ce Indomie aka aiko shi, ba wata taliya ba. Mai kanti ya ga yana rasa ciniki, sai ya nema wajen ɗan sari, ɗan sari ya nema wajen dila. Kayan dai hanya ɗaya suke bi a dabarun biyu. Abin da ya sauya shi ne inda buƙata ta taso: a ta farko daga sama aka matso ta, a ta biyu daga ƙasa ta hauro.

Ga misali da lissafi, irin wanda mai duba takarda ke son gani. A ƙaddara wani kamfanin sabulu yana sayar da katon ɗaya naira 12,000, sai ya ce duk dilan da ya ɗauki katon 10 a wannan wata za a ƙara masa guda kyauta. Dila ya biya naira 120,000 ya karɓi katon 11, ke nan kowane katon ya faɗo masa a kan kimanin naira 10,909. Rangwamen ya kama wajen kashi 9 cikin ɗari, ba kashi 10 ba kamar yadda ɗalibai da yawa ke rubutawa cikin hanzari. Wannan garaɓasa ce, domin gyara ce ta ɗan lokaci. Kuma tura kaya ce, domin dila aka yi wa ita, mai wanki a gida bai ma san an yi ba.

Yanzu a ɗauki abin da kamfanin simintin Dangote ya yi a shekarar 2019, lokacin da ya riƙa saka katin gogewa a cikin buhunan siminti, wanda ya saya ya goge ya ga ko ya ci kyauta, daga kuɗi har zuwa babur da mota. Ita ma garaɓasa ce, amma mai saye aka dosa da ita, don ya je wajen dila ya nemi wannan siminti da sunansa. Saboda haka tana cikin dabarar jawowa. Misalan nan biyu kaɗai sun isa su rushe waccan amsa ta gaggawa, kuma ɗalibin da ya jera su kusa da juna ya nuna wa malami cewa ba hadda ya yi ba.

Bambancin garaɓasa da talla kuwa a wani wuri yake. Talla saƙo ne da kamfani ke biyan kuɗi a isar masa ga jama'a masu yawa ta wata kafa, kuma kowa ya san wanda ya biya. Yana faɗin dalilin da zai sa a so kayan, farashi na nan yadda yake, kuma tasirinsa a hankali yake taruwa har sunan ya zauna a ka. Garaɓasa ƙarin wani abu ce a kan kayan: ragin farashi, saya biyu a ba ka ɗaya, ɗanɗano kyauta, gasa. Tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, tana neman a saya yanzu, kuma ana iya ganin sakamakonta a littafin ciniki cikin mako guda. Wuri ɗaya ke rikita mutane: a kan yi tallan garaɓasa a rediyo. Sanarwar talla ce, kyautar da aka sanar ita ce garaɓasar.

Amsa mai ƙarfi tana faɗin inda kowace dabara ke tuntuɓe. A misalin sabulun nan, dila zai iya kwasar kayan wata uku saboda arha. Littafin kamfani zai nuna ciniki ya hau, alhali sabulun na jibge a sito. Alamar ita ce wata biyu na gaba oda ta faɗi warwas, ko a ga dila yana karya farashi don ya rabu da kayan. Shi ya sa ake gwada abin da ya fita daga kamfani da abin da ya fita daga kantuna. Dabarar jawowa kuma tana cin kuɗi, kuma idan talla ya riga kaya isa kanti, mai saye zai tambaya sau ɗaya ko biyu, ya karɓi na wani kamfani. Yawan garaɓasa ga masu saye ma yana koya musu jira, su ƙi saye sai an yi ragi.

Wajen rubutawa, kalmar da aka yi tambayar da ita ce ke jan akala. Idan an ce a bambanta, kowane batu sai ya taɓa ɓangarorin biyu a jumla ɗaya: wa aka dosa, da wane kayan aiki, na tsawon wane lokaci, da wace manufa. Sakin layi biyu masu zaman kansu, kowanne na bayanin abu guda, ba su cika sharaɗin ba. Idan maki takwas aka ware, batutuwa huɗu cikakku da misali sun fi goma da aka yi wa tsinke. Idan kuma an nemi a ba sabon kamfani shawara, yana da kyau a ce ya fara da tura kaya, tunda ba wanda ya san sunansa balle ya nema, sannan ya biyo da talla bayan kayan sun zauna a kantuna. Manyan kamfanonin abinci da sabulu duka biyun suke haɗawa, kuma jumla ɗaya da ta faɗi haka tare da dalili takan kawo makin ƙarshe.