Me ya sa jarumin wasa ke maimaita sara ba tsayawa?

Jarumin da ke cikin wasan kwamfuta ba ya motsi kara zube. A manhajar Unity, wadda ake ƙera wasanni da ita, akwai wani tsari mai suna Animator da ke ajiye shi a hali ɗaya tal a kowane lokaci: ko yana tsaye, ko yana gudu, ko yana sara da takobi. Kibiyoyi ne ke haɗa waɗannan halaye, kuma kowace kibiya da sharaɗinta.

Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne Trigger. Umarnin SetTrigger ne ke kunna shi, amma ba ya mutuwa don lokaci ya wuce. Sai wata kibiya ta yi amfani da shi sannan ya mutu. Idan babu wadda ta ɗauka, yana nan a kunne yana jira, kamar tarkon da aka ɗana aka manta.

Mu ce saran daƙiƙa ɗaya yake ɗauka. Mai wasa ya danna maɓalli, jarumi ya bar Idle ya shiga Attack, Trigger ya mutu. Ana tsakiyar saran sai ya ƙara dannawa. Daga Attack babu kibiyar da ke neman wannan sharaɗi, don haka ya kwanta. Jarumi na komawa Idle sai ya sake kai sara, alhali mai wasan ya riga ya ɗauke hannu.

Wannan sara ɗaya ne kawai ya ƙaru. Inda abin ke ɓaci shi ne a sa SetTrigger cikin Update tare da GetKey. Muddin yatsa na kan maɓalli, wasan da ke zana hoto 60 a daƙiƙa zai kunna shi sau 60. In kuwa kibiyar daga Any State ta taso, kuma an bar Can Transition To Self a kunne, jarumin ba zai ma gama saran ba: ya ɗaga hannu, a mayar da shi farko, yana ta karkarwa wuri ɗaya.

Kafin a taɓa komai, a kunna wasan, a buɗe Parameters a tagar Animator, a zuba wa ɗan da'irar da ke gefen sunan ido. Idan ta zauna a cike bayan saran ya fara, an kama mai laifi.

Sai a koma GetKeyDown, wanda sau ɗaya yake amsawa a kowace dannawa, a cire wancan zaɓi, sannan a liƙa wa Idle wani StateMachineBehaviour da wannan layi cikin OnStateEnter:

```csharp
animator.ResetTrigger("Attack");
```

Amma a ganina bai kamata a yi sharar nan ido rufe ba. A wasan faɗa mai jerin sara uku, dannawar da aka ajiye ita ce ke sa sara na biyu ya biyo bayan na farko da santsi. A nan gara a zana kibiya daga sara na farko zuwa na biyu mai neman wannan Trigger ɗin, ta ɗauke shi tun jarumi bai koma Idle ba.