Dalilin da ya sa waya ke kasa ganin talabijin alhali dukansu suna kan intanet ɗaya

A gidaje da ofisoshi da dama a faɗin ƙasar nan, an saba da tura bidiyo daga wayar salula zuwa talabijin domin kowa ya kalla a babban allo. Mutum zai buɗe YouTube a wayarsa, ya taɓa alamar Cast, sunan talabijin ya fito, ya zaɓa, shi ke nan. Sai dai wata rana a wayi gari alamar ta ɓace, ko kuma wayar ta yi ta lalube ba ta ga komai ba, alhali intanet na aiki lafiya a wayar da kuma talabijin ɗin.

Da yawa kan zaci talabijin ne ya lalace, har su kira mai gyara ko su sayi sabuwar na'urar Chromecast. A lokuta da dama kuwa babu abin da ya lalace. Matsalar tana cikin rauta, wato akwatin da ke rarraba Wi-Fi a gida, wanda aka saita shi ya hana na'urorin da ke kansa magana da juna.

Yadda waya ke gano talabijin

Kafin waya ta tura komai, sai ta fara sanin cewa akwai talabijin a kusa. Ba ta neman wannan labari a intanet. Abin da take yi shi ne shela a cikin gida, kamar yadda sanƙira ke ɗaga murya a taro kowa ya ji. Takan aika ɗan gajeren saƙo ga duk na'urorin da ke kan rauta tana tambayar ko akwai mai karɓar bidiyo, talabijin kuma ya amsa da sunansa da adireshinsa.

Chromecast na kamfanin Google da AirPlay na kamfanin Apple duk suna amfani da tsarin shela da ake kira mDNS, wanda ke aika saƙonsa zuwa adireshi na musamman, 224.0.0.251. An tsara wannan saƙo ne ya tsaya a cikin layin gida kawai, ba ya fita intanet, kuma ba ya tsallakawa daga wani layi zuwa wani sai an yi masa tanadi na musamman.

A nan ne bambancin yake. Shiga intanet hanya ce daga na'ura zuwa waje. Tura bidiyo kuwa na buƙatar hanya daga na'ura zuwa 'yar'uwarta a cikin gida. Rauta na iya buɗe ta farko ta rufe ta biyu, shi ya sa ganin intanet na aiki ba hujja ba ce ta cewa komai daidai yake.

Layin baƙi da katangar da ke tsakani

Yawancin rautoci na zamani suna ba da damar buɗe layi na biyu domin baƙi, wanda a allon saiti ake rubuta shi Guest Network. Aikinsa kamar na zaure ne a gidan Bahaushe: baƙo zai zauna, a kawo masa ruwa, amma ba zai leƙa cikin gida ba. Wanda ke kan layin baƙi zai samu intanet, amma ba zai ga talabijin ko na'urar buga takardu ko kyamarar tsaro da ke kan babban layi ba. Wannan ba aibu ba ne, ainihin abin da aka ƙirƙiri layin dominsa ke nan.

Abu na biyu shi ne keɓe na'urori. Wannan saiti ne da ke hana duk na'urorin da ke kan layi ɗaya ganin juna, ko da sunan layin da kalmar sirrinsa ɗaya ne. Kamfanoni sun bambanta wajen raɗa masa suna: wasu na rubuta AP Isolation, wasu Client Isolation, wasu kuma Wireless Isolation. Otal-otal da makarantu da wuraren cin abinci kan kunna shi da gangan, domin kada wani baƙo ya kutsa cikin kwamfutar wani. A yawancin rautoci ma layin baƙi kan zo da shi a kunne, don haka mayar da waya da talabijin duka kan layin baƙi ba lalle ya magance matsalar ba.

Misali daga wani gida

Mu ɗauki misalin magidancin da ke da rauta mai babban layi da aka sa wa suna `Gida`. A ranar da aka yi taron suna, jama'a suka yi yawa, sai ya buɗe layin baƙi mai suna `Gida_Guest` don kada ya raba kalmar sirrin babban layi. Ya shiga sabon layin da wayarsa domin ya tabbatar yana aiki, sannan ya koma kan babban layi ya manta da batun.

Wayar kuwa ba ta manta ba, ta adana layukan biyu. Bayan kwanaki aka ɗauke wuta, rauta ta mutu, da aka dawo da wutar sai wayar ta kama layin baƙi da kanta. Saƙonni na shigowa, bidiyo na buɗewa, babu wata alama da za ta nuna masa an samu sauyi. Da dare ya so ya tura wani shiri zuwa talabijin, sai ya nemi sunan talabijin ya rasa.

Gwajin farko da ya kamata ya yi ba ya buƙatar taɓa rauta ko kaɗan. Ya karɓi wayar mai ɗakinsa ya gwada. Idan tata ta ga talabijin, to talabijin lafiyarsa ƙalau, kuma babban layi na barin na'urori su yi magana. Sai ya buɗe saitin Wi-Fi a wayoyin biyu ya karanta sunan layin harafi bayan harafi. Nan zai ga tata na kan `Gida`, tasa na kan `Gida_Guest`.

Maganin shi ne ya koma kan babban layi, sannan ya taɓa sunan layin baƙi ya zaɓi Forget domin wayar ta goge shi daga ajiyarta. Idan bai goge ba, duk ranar da aka sake ɗauke wuta matsalar na iya dawowa. Bayan haka ya rufe manhajar YouTube gaba ɗaya ya sake buɗewa, domin ta sake yin shela.

Idan sunan layin ɗaya ne amma har yanzu shiru

Idan duk wayoyin gidan sun kasa ganin talabijin, kuma an tabbatar kowa na kan layi ɗaya, mataki na gaba shi ne duba adireshi. Kowace na'ura a kan rauta na da lamba mai kashi huɗu da ake kira IP, wadda ake gani a bayanan Wi-Fi na waya da kuma saitin sadarwa na talabijin. A rautocin gida, kashi uku na farko kan zama iri ɗaya ga duk na'urorin da ke layi guda.

Idan talabijin na da 192.168.1.23, waya kuma na da 192.168.0.40, to suna gida biyu ne daban. Hakan kan faru idan an jona rauta ta biyu a jikin ta farko domin ƙara ƙarfin Wi-Fi a wani sashen gida, sai kowace ta kafa nata layin. Ana gyara wannan ta hanyar mayar da rauta ta biyu kan tsarin Access Point, ko kuma a sa waya da talabijin a kan rauta guda.

Idan kuwa talabijin na da 192.168.1.23, waya na da 192.168.1.40, amma ba sa ganin juna, zargi ya koma kan keɓe na'urori. Mai kwamfuta zai iya tabbatarwa ta hanyar jona ta kan Wi-Fi ɗin, ya bar talabijin a kunne, ya rubuta wannan umarni:

```
ping 192.168.1.23
```

Idan babu amsa ko ɗaya, alama ce mai ƙarfi cewa rauta ta gina katanga tsakanin na'urori. Idan amsa ta zo, to hanya a buɗe take, sai a duba wayar kanta. Manhajar VPN da ke kunne na iya hana ta ganin abin da ke cikin gida. A wayar iPhone kuma, kowace manhaja na buƙatar izini a ƙarƙashin Local Network a sashen sirri na saiti kafin ta ga talabijin.

Domin kashe keɓewar, sai a shiga shafin sarrafa rauta ta hanyar rubuta adireshinta a burauza. Galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, kuma akan rubuta shi tare da sunan shiga a takardar da ke manne a jikin akwatin. A nemi sashen Wireless ko Advanced, a cire alamar da ke gaban AP Isolation, a adana, sannan a sake kunna rauta da talabijin. Wasu rautocin na da wannan saiti sau biyu, ɗaya na zangon 2.4 GHz ɗaya na 5 GHz, don haka a duba duka biyun.

Inda bai kamata a rushe katangar ba

A saitin layin baƙi akwai zaɓin da ke ba baƙi izinin shiga babban layi, kuma kunna shi na iya sa tura bidiyo ya yi aiki nan take. Amma yin hakan daidai yake da cire ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida. A shago ko ofishin da kyamarorin tsaro da kwamfutar lissafi ke kan babban layi, duk wanda aka taɓa bai wa kalmar sirrin baƙi zai iya isa gare su. Ya fi dacewa a bar layin baƙi a rufe, mutanen gida su tsaya kan babban layi.

A otal ko ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, mutum ba shi da ikon taɓa rauta, kuma masu wurin suna da hujjar ƙin kashe keɓewar. Akwai mafita biyu. Ta farko, manhajar YouTube ta talabijin na da zaɓin Link with TV code, wanda ke nuna wata lamba a allo, a shigar da ita a waya. Wannan haɗin ta intanet yake bi, don haka katangar rauta ba ta tare shi, sai dai YouTube kaɗai yake yi wa aiki. Ta biyu ita ce haska allon waya ta tsarin Miracast, wanda wayoyin Samsung ke kira Smart View. Shi yana haɗa waya da talabijin kai tsaye ba tare da bi ta rauta ba, muddin na'urorin biyu suna ɗauke da shi, domin iPhone ba ta amfani da wannan tsari.

Saboda haka, kafin a nemi mai gyara, a fara da abubuwa uku bi da bi: a gwada wata wayar, a karanta sunan layin, a kwatanta adireshin na'urorin biyu. Waɗannan ba za su ci minti biyar ba, kuma su ne za su nuna ko laifin na waya ne, na rauta ne, ko kuwa da gaske talabijin ne ke buƙatar gyara.