Canza fuska a hoto: GIMP ko manhajar waya?

Mai son ɗora fuskar wani a kan hoton wani a karon farko, hanya biyu ce a gabansa, kuma ba kuɗi ne ya raba su ba.

Manhajar waya tana gamawa cikin daƙiƙu kaɗan. Sai dai da yawansu suna tura hoton zuwa kwamfutocin kamfaninsu, kuma idan aikin ya fito a karkace, ba ka da yadda za ka gyara shi.

Ni dai GIMP nake ba da shawara ga mai kwamfuta. Kyauta ce, kuma hotonka ba ya barin na'urarka. A ce fuskarka za ka ɗora a kan hoton yayanka sanye da babbar riga. Ka zagaye ta da Free Select, ka liƙa ta a sabon shafi a saman hoton. Ka rage Opacity zuwa 50 domin ka riƙa hango fuskar da ke ƙasa, sannan ka daidaita ido da ido. Daga nan ka sa Layer Mask, ka goge gefuna da burushi mai laushi.

Haske ne yake tona asiri. Idan rana ta bugi fuskarka daga dama, ta bugi yayanka daga hagu, inuwar hanci za ta saɓa da ta wuya, kuma Curves ba zai ɓoye wannan ba. Sauya hoto ya fi sauƙi.

Fuskar da ba taka ba kuwa, nemi izinin mai ita tukuna.