Lambobi biyu, jimla ɗaya: yadda masu manhaja ke gajarta bincike

Wani kwastoma ya ce ya biya dubu 14 a turawa biyu, amma bai riƙe ko nawa-nawa ya turo ba. Akawun shago ya buɗe jerin kuɗin da suka shigo ranar, ya ga guda shida, kowanne a dubban naira: 7, 12, 3, 20, 5, 9. Abin da yake nema shi ne layuka biyu da za su haɗu su ba da 14, kuma wurin da suke a jerin yake so, don ya je ya duba sunan mai turowa.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun san wannan tambaya sarai. Ita ce ta farko a jerin tambayoyin shafin LeetCode, inda ake kiranta Two Sum, kuma ana yawan jefa wa masu neman aiki ita a intabiyu. Amsar ba ta da wuya. Abin da ake so a gani shi ne ta wace hanya mutum zai bi.

Hanyar da ke fara zuwa wa kowa a rai ita ce a ɗauki lamba ta farko a gwada ta da duk na bayanta, sannan a ɗauki ta biyu a yi haka, har a dace. A harshen Python ga yadda take:

```python
for i in range(len(jeri)):
    for j in range(i + 1, len(jeri)):
        if jeri[i] + jeri[j] == jimla:
            return i, j
```

Zagaye ne a cikin zagaye: duk taku ɗaya da na waje ya yi, sai na ciki ya bi ragowar jerin kaf. A misalinmu 7 za ta gwada biyar, 12 ta gwada huɗu, haka har ƙasa, kuma da yake 5 da 9 ne a ƙarshe, sai an yi gwaji 15 kafin a same su. Kwamfuta daga sifili take fara ƙirga wuri, saboda haka amsar ita ce wuri na 4 da na 5.

Gwaji 15 ba komai ba ne. Matsalar tana bayyana ne idan jerin ya yi tsawo. Lambobi 1,000 suna iya cin gwaji 499,500. Lambobi 100,000 kuwa, gwajin ya kusa biliyan 5. A ce kwamfutar na yin gwaji miliyan 10 a daƙiƙa, za ka zauna fiye da minti takwas kana kallon allo. Ga alamar da ake gane wannan ciwo: idan ka ninka bayanan sau biyu, lokacin jira ya ninka sau huɗu. Masana na rubuta shi `O(n²)`.

Gyaran yana farawa ne daga sauya tambayar. Idan akawu ya ɗora yatsa a kan 12, ai ba ya bukatar ya tara ta da kowace lamba. Ya riga ya san abokiyarta: 14 a cire 12, saura 2. Tambayar da ta rage guda ce, wato ko an riga an wuce 2 a baya, kuma a wane wuri.

To amma idan sai an koma an bi jerin ɗaya bayan ɗaya don neman 2 ɗin, ba a rage komai ba. Nan ne teburin hash ke shigowa, wanda a Python ake kira `dict`. Dabarar ta tsufa. Ana danganta ta da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM tun 1953. Aikinsa kamar akwatunan gidan waya ne: mai lamba ba ya buɗe akwatuna duka, kai tsaye yake zuwa nasa. Bambancin shi ne a nan daga lambar kanta ake lissafo akwatinta. A ce akwatuna takwas ne. Za a raba 12 da 8, a sami ragowar 4, sai a ajiye ta a akwati na 4. Duk sa'ad da aka zo nemanta, lissafin nan za a maimaita, a buɗe akwatin nan. Ko abubuwa goma ne a teburin ko miliyan, aikin nema kusan ɗaya ne.

```python
gani = {}
for i, x in enumerate(jeri):
    saura = jimla - x
    if saura in gani:
        return gani[saura], i
    gani[x] = i
```

Mu bi shi a hankali. A kan 7, ana neman 7, tebur babu komai, sai a rubuta cewa an ga 7 a wuri na 0. A kan 12 ana neman 2, babu, a ajiye. 3 na neman 11, babu. 20 na neman −6, babu. 5 na neman 9. Lallai akwai 9 a jerin, amma ba a iso gare ta ba tukuna, don haka a ajiye 5 a wuri na 4. Da aka iso 9, sai ta nemi 5, ta tarar da ita. Dubawa shida, an gama. Lambobi 100,000 ma dubawa 100,000 ce a mafi yawa, abin da ake rubutawa `O(n)`.

Lambar 7 ta farkon jerin tana nuna inda masu koyo suka fi faɗawa. Idan aka ɗaga layin `gani[x] = i` aka sa shi kafin dubawa, 7 za ta shiga tebur, ta juyo tana neman 7, ta tsinci kanta. Manhajar sai ta ce amsa wuri na 0 da na 0, wato turawa ɗaya aka ƙirga sau biyu. Duk amsar da ta fito da wuri ɗaya a maimaice, wannan kuskuren ne. A duba tukuna, sannan a ajiye. Wannan tsari shi ne kuma ke sa a dace idan da gaske 7 biyu ne a jerin: ta biyun za ta tarar da ta farkon tana jira.

Wani tarkon ya fi ɓuya, kuma ya shafi kuɗi kai tsaye. Kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai-wa-daida. A Python, `0.3 - 0.1` na ba da `0.19999999999999998`, kuma teburin hash ba ya san “ya yi kusa”. Zai ce babu 0.2 alhali tana ciki. Maganin shi ne a mayar da kuɗin zuwa kwabo, a yi lissafi da cikakkun lambobi.

Saurin nan ba kyauta ba ne. Teburin na cin wurin ajiya, domin yana iya ɗaukar kusan duk jerin kafin a dace. Akwai kuma karo: 20 ma ragowarta 4 ce idan an raba da 8, kamar 12, don haka sai an samar mata wani gurbi ta wata ƙa'ida. Python na ƙara girman teburin kafin ya cika don karon ya yi ƙaranci, shi ya sa ake cewa saurin na galibin lokuta ne. A ganina, idan jerin bai wuce lambobi ashirin ko talatin ba, zagaye biyun nan sun wadatar, ba abin kunya ba ne.

Abu na ƙarshe na akawu ne. Wannan manhaja tana tsayawa a biyun farko da ta samu, kuma a jeri mai tsawo ana iya samun turawar mutane biyu daban da suka haɗu suka ba da dubu 14. Kafin a rubuta wa kwastoma rasit, a je wuri na 4 da na 5 a karanta sunan mai turowa.