Goge Rubutun Fassara Daga Ƙasan Fim: Inda Na'ura Ke Faci da Inda Take Ƙage

Duk wanda ya kalli finafinan Kannywood na zamanin faifan sidi ya san farin rubutun Turancin nan da ke fitowa a ƙasan hoto, wani lokaci da kurakuran da suka fi wasan kansa ban dariya. A ɗauka mai irin wannan fim yana son ɗora shi a YouTube da gyararriyar fassara, amma asalin kwafin da aka tace ya salwanta, babu abin da ya rage sai mai rubutu a jiki. Tambayar da zai kai wa edita ɗaya ce: za a iya goge shi?

Amsar ta danganta da irin rubutun. Akwai wanda ke tafiya daban da hoto, ko a fayil na gefe irin na SRT, ko a cikin fayil ɗin fim ɗin kansa. Wannan ba ya buƙatar wahala, domin a manhajar VLC ana shiga `Subtitle` a kashe shi. Ɗayan kuwa an toya shi ne a jikin hoton tun lokacin tacewa. Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne na launi, kuma duk ɗigon da harafi ya hau an zubar da launinsa na asali an sa fari. Ba a rufe abin da ke ƙasa ba, an shafe shi ne. Saboda haka aikin da ake kira gogewa faci ne, irin na tela da ya samu ɓula a riga. A manhajoji sunan wannan faci `inpaint`.

Hanya mafi tsufa ita ce a jawo launin gefen ɓular zuwa cikinta. Manhajar ffmpeg tana da irin wannan, wanda aka yi shi domin ɓoye tambarin gidan talabijin. A bidiyo mai faɗin ɗigo 1280 da tsawon 720, umarnin yana kama da haka:

```
ffmpeg -i fim.mp4 -vf "delogo=x=160:y=600:w=960:h=90" sabo.mp4
```

An ce wa na'ura ke nan ta yanke wani akwati mai faɗin 960 da tsawon 90, sama da kashi 9 cikin 100 na hoton, ta cike shi da launin da ke bakinsa. Rubutu zai tafi, amma a gurbinsa sai a ga wani dogon dishi-dishi kamar an shafa man kaɗanya a gilashi. Dabarar da Alexandru Telea ya wallafa a 2004, wadda ke cikin OpenCV, ta fi wannan tsabta, domin ana iya ba ta siffar haruffan kaɗai ta bi su daga baki zuwa tsakiya. Tana aiki a kan sararin sama ko farin bango. A kan atamfa kuwa sai ta dama zanen.

Sababbin manhajoji sun zo da wata hikima: bidiyo ba hoto ɗaya ba ne. A talabijin irin ta Najeriya da Nijar hotuna 25 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, kowanne ana ce masa firam. Abin da rubutu ya shafe a wannan firam yana iya kasancewa a fili a wani. Manhajoji irin su STTN na 2020 da ProPainter na 2023, wanda masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Nanyang da ke Singafo suka fitar, suna bin motsin hoto gaba da baya su aro ɗigon da ya ɓata daga maƙwabta. Sai inda aro ya gagara ne suke ƙirƙiro abin da ya yi kama da gaskiya.

A dubi fitowa guda. Kyamara tana tsaye, wani attajiri yana zaune a falo yana magana, jimlarsa ta ɗauki daƙiƙa 3, wato firam 75 masu rubutu. Rabin rubutun ya faɗa kan darduma da ƙafar kujera. Nan aikin ba wuya: darduma ba ta motsi, kuma an gan ta sarai kafin ya buɗe baki, don haka na'ura za ta ɗauko ta daga can ta liƙa, ko mai neman aibu da ƙyar zai gane.

Ɗaya rabin kuwa ya faɗa kan hannuwansa, yana ƙirga kuɗi. Yatsun suna canza wuri a kowane firam, kuma babu firam ko ɗaya cikin 75 ɗin da ya nuna su babu rubutu a wannan matsayi. Dole na'ura ta ƙaga. Sai a ga yatsu biyu sun narke sun zama ɗaya, adadin da ke jikin takardar kuɗi ya koma wani zane marar ma'ana, aikin wuyan babbar riga yana rawa kamar inuwa a ruwa. Idan aka tsayar da firam ɗaya ana iya cewa ya yi kyau. Da an saki bidiyon sai ido ya kama wurin yana ƙyaftawa, domin ƙagen wannan firam bai yi daidai da na gabansa ba. Abin ya fi muni a hira mai zafi, inda jimla ke bin jimla ba tare da tazarar da za a ga hoton a sarari ba.

Akwai kuma matsalar shata iyakar abin da za a goge. Harafi ba farin kaɗai ba ne: yana da baƙin layi a kewaye, wani lokaci da inuwa, sannan matse bidiyo yana barin ƙura-ƙura a gefensa, musamman a tsohon faifan sidi mai ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsawo. In an matse iyakar, sai fatalwar rubutun ta rage, ana iya karanta jimlar a dushe. Shi ya sa editoci ke faɗaɗa ta da 'yan ɗigo kaɗan. In kuma an wuce gona da iri, ɓular ta ƙara girma, ƙagen ya ƙaru. Manhajar da ke gano rubutu da kanta ma tana yin ɓarna: ba ta bambanta fassara da lambar mota ko allon shago, duk wanda ya sauko ƙasan hoto sai ta share shi. Wurin sauya fitowa shi ma tarko ne, don takan aro bangon falo ta liƙa a tsakar gida.

Ga kuma nauyin aikin. Fim na minti 90 firam 135,000 ne, kuma manyan manhajojin nan suna buƙatar kwamfuta mai ƙaƙƙarfan katin hoto. Dole kuma a sake matse bidiyon bayan an gama, abin da ke ƙara rage masa kyau.

Don haka ƙwararren edita yakan fara da hanyoyi masu arha. Idan rubutun yana kan baƙin layin da ke ƙasan faffaɗan fim, shafa baƙi a kai ya wadatar. Idan ba haka ba, yana iya datse ƙasan hoton, ko ya sa sabuwar fassara a kan akwati mai duhu da zai rufe tsohuwar. Faci kuwa ya dace da gajerun fitowa masu tsayayyen bango, a kan fim ɗin da mutum ke da haƙƙinsa, kuma a duba shi sau biyu: firam-firam, sannan da gudunsa na kallo. Masu shirya fim na yau kuma su ajiye kwafi guda marar rubutu, fassarar a fayil daban, a wurare biyu.