Me ya sa ake cewa digiri 37 ne zafin jikin mai lafiya?

Lambar ta samo asali ne daga wani likitan Jamus, Carl Wunderlich, wanda ya auna dubban marasa lafiya a hammata, ya wallafa sakamakon a 1868. Matsakaici ya fitar, ba lambar da dole kowane jiki ya tsaya a kai ba. Yawancin masu lafiya suna tsakanin 36.1 da 37.2.

Jikinka ma ba ya zama wuri ɗaya. Ya fi sanyi gab da asuba, sai ya riƙa hawa har bayan la'asar. Bambancin kan kai rabin digiri, wani lokaci ya ɗan wuce.

A ce ka auna hammatar ɗanka da asuba ka ga 36.5, da yamma kuma, bayan ya dawo daga kasuwar Wudil cikin ranar bazara, ka ga 37.2. Wannan ba zazzaɓi ba ne. Ba shi ruwa, ya huta a inuwa rabin awa, ka sake aunawa. Amma idan awon hammata ya kai 37.5, musamman da safe, kai shi asibiti a yi masa gwajin maleriya kafin a sayi magani. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, a kai shi nan take.